Maganin Ciwon Gaɓoɓi: Abin Da Yake Yi Wa Ciki Da Lokacin Ajiye Shi

Da yamma, bayan an tashi daga kasuwa ko an dawo daga gona, akwai wata magana da masu kemis suka saba ji fiye da kowace: "A haɗa mini na ciwon jiki." Mai shago ya buɗe robobi uku ko huɗu, ya zubo ƙwayoyi kala-kala, ya ƙulla a 'yar leda. Babu kwali, babu suna, babu bayani sai "ka sha bayan ka ci abinci." Mai ciwon gwiwa ya sha ya kwanta, gari ya waye ya ji garau, sai ya ce wannan kemis ɗin ya san aikinsa. Bayan kwana biyu ciwo ya dawo, shi ma ya koma.

Maganin yana aiki, babu gardama a nan. Tsohuwar da ba ta iya yin sujada saboda gwiwa, ko dattijon da ƙugu ya hana shi barci, sun san irin sauƙin da ƙwaya ɗaya take kawowa. Matsalar ita ce hanyar da waɗannan magunguna ke bi su kashe ciwo ita ce dai hanyar da suke bi su raunana ciki da ƙoda. Wanda ya fahimci wannan zai iya amfana da su shekara da shekaru ba tare da sun cutar da shi ba. Wanda bai sani ba kuwa, yakan ji labari ne a gadon asibiti ana neman jinin da za a ƙara masa.

Magungunan ciwo gida biyu ne

Magungunan da aka fi sha don ciwon gaɓoɓi sun kasu gida biyu. Gida na farko farasitamol ne shi kaɗai. Yana rage ciwo da zazzaɓi, ba ya rage kumburi sosai, kuma ba ya cin ciki. Haɗarinsa yana ga hanta idan aka zarce ƙa'ida. Baligi lafiyayye zai iya shan ƙwaya biyu masu miligiram 500, ya jira aƙalla awa huɗu zuwa shida kafin ya sake, kuma kada ya wuce ƙwaya takwas a cikin awa 24. Mai ciwon hanta, ko wanda ya tsufa ya rame, ko mai shan barasa, nasa adadin bai kai haka ba. Abin da ke yaudarar mutane shi ne yawancin magungunan mura da na ciwon kai akwai farasitamol a cikinsu, don haka mutum zai iya wuce iyaka bai sani ba.

Gida na biyu babban dangi ne na magungunan da ke kashe ciwo su kuma rage kumburi. A cikinsu akwai ibufurofen, da diklofenak, da nafuroksen, da indometasin, da firoksikam, sai kakansu asfirin. Kowannensu ana sayar da shi da sunaye na kasuwa masu yawa, cikin kwalaye masu launi daban-daban, amma aikinsu a jiki iri ɗaya ne, illarsu ma haka. Su ne suka fi farasitamol ƙarfi a kan ciwon gwiwa da ƙugu, su ne kuma wannan bayani ya fi shafa.

Yadda suke taɓa ciki

A shekarar 1971 wani masanin magunguna ɗan Ingila mai suna John Vane ya gano cewa asfirin da danginsa suna hana jiki samar da wasu sinadarai da ake kira furostagilandin. Wannan bincike ne ya kai shi ga samun lambar Nobel a 1982. Idan gaɓa ta samu rauni ko ta kumbura, waɗannan sinadarai ne ke ƙara wa jijiyoyi jin zafi. Da zarar magani ya rage su, ciwo ya lafa.

Sai dai sinadaran suna da wasu ayyuka a jiki. Tumbin ɗan Adam yana fitar da ruwan asid mai ƙarfi don narkar da abinci, kuma abin da ke hana wannan ruwa cin naman tumbin kansa shi ne wani yauƙi da ke lulluɓe bangonsa, da jinin da ke gudana a ƙarƙashinsa yana gyara duk inda ya ɗan ƙuje. Furostagilandin ne ke kula da wannan kariya. Magani ba ya bambance na gwiwa da na tumbi, duka yake ragewa. Kamar katangar ƙasa ce da aka daina yi mata yaɓe alhali damina ba ta fasa zuwa ba: ba rana ɗaya take zubewa ba, amma kullum ana cin ta. A hankali bango ya ƙuje, ƙujewa ta zama gyambo, wato abin da aka fi sani da olsa. Idan gyambon ya kai ga jijiyar jini sai ya fara zubar da jini, idan kuma ya ci gaba da zurfi yana iya huda tumbin baki ɗaya. Ga shi kuma waɗannan magunguna suna rage daskarewar jini, don haka inda ya fara zuba ba ya saurin tsayawa.

Daga nan za a gane abubuwa biyu da mutane da yawa suka ɗauka ba daidai ba. Na farko, allura ba ta kuɓutar da ciki. Akwai masu cewa, "Ni ina da olsa, a yi mini allurar diklofenak a maimakon ƙwaya." Ai ta cikin jini maganin yake isa ga bangon tumbi, ko ta baki ya shiga ko ta tsinin allura. Na biyu, shan magani bayan cin abinci yana rage zafin ciki da tashin zuciya, kuma haka ya kamata a sha shi, amma abinci ba ya hana gyambo fitowa ga wanda ya daɗe yana sha. Haka ma farin maganin ruwa da ake kurɓa idan ƙirji na zafi. Yana kwantar da zafin na ɗan lokaci, ba ya kare tumbi daga wannan ɓarna.

Wani abin tsoro kuma, gyambon da waɗannan magunguna ke jawowa sau da yawa ba ya ciwo, musamman ga tsofaffi. Mutum yana shan abin da ke kashe ciwo, to da wuya ciki ya yi masa gargaɗi. Ga wasu, alamar farko ita ce jinin kansa.

Abin da ke cikin leda

A ɗauki misalin wata dattijuwa mai shekara sittin da biyar, mai ɗan jiki, wadda gwiwoyinta suka daɗe suna ciwo saboda guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya zaizaye. Tana da hawan jini, tana shan lisinofiril da wani maganin da ke sa yawan fitsari. Kullum da daddare jikanta yakan karɓo mata haɗi. Idan aka buɗe irin wannan leda, ba abin mamaki ba ne a tarar da diklofenak guda, da firoksikam guda, da farasitamol biyu, da wata 'yar ƙaramar farar ƙwaya wadda ko dai firednisolon ce ko deksametazon.

Diklofenak da firoksikam 'yan gida ɗaya ne. Haɗa su ba ya ƙara sauƙin ciwo yadda ake zato, illa ce kawai take ƙaruwa. Firoksikam kuma yana da wata ɗabi'a: yana daɗewa a jiki ƙwarai, sai an yi kusan kwana biyu kafin rabin abin da aka sha ya fita. Shi ya sa ƙa'idarsa ba ta wuce miligiram 20 sau ɗaya a rana, kuma yana cikin waɗanda suka fi kowane cin ciki. Wanda ke shansa safe da dare, na jiya bai fita ba na yau ya tarar da shi. Ita kuma 'yar farar ƙwayar, ita ce ke sa mutum ya tashi da ƙarfi da son cin abinci, amma idan ta haɗu da dangin diklofenak tana ninka haɗarin zubar jini a ciki. Idan aka daɗe a kanta tana kumbura fuska, ta tayar da sukari da hawan jini, ta kuma sa ƙashi ya yi rauni. Idan dattijuwar nan takan ƙara da garin maganin ciwon kai na ƙunshi, wanda yawancinsa asfirin ne, to magani uku ke nan na dangi ɗaya a cikinta.

Ga kuma ƙoda. Furostagilandin ne ke taimakawa hanyoyin jinin ƙoda su zauna a buɗe, musamman lokacin da ruwa ya yi ƙaranci a jiki. Maganin fitsari yana rage mata ruwa, lisinofiril yana rage ƙarfin da ƙoda ke tace jini da shi, sannan diklofenak ya zo ya matse hanyar da jinin ke shiga. Likitoci sun san haɗuwar waɗannan uku a matsayin abin da ke iya tsayar da ƙoda cikin 'yan kwanaki, balle a bazara, ko a watan azumi, ko lokacin da mutum ke fama da gudawa da amai. Dangin diklofenak kuma suna riƙe gishiri da ruwa a jiki, don haka awon jininta zai dinga hawa duk da tana shan maganinta a kan kari.

Bayan wata biyu ko uku a haka, abin da iyalinta za su fara gani ba lalle ya zama ciwon ciki ba. Za su ga tana gajiya daga ɗaki zuwa tsakar gida, tana haki, jiri na ɗibarta idan ta miƙe daga tabarma. Idan aka ja fatar idonta ta ƙasa, a ga cikin ya yi fari fat maimakon ja. A ce tsufa ne, ko shawara, ko a sayo mata maganin ƙarin jini. Alhali jini ne ke tsiyaya kaɗan-kaɗan a tumbi, kuma da za a tambaye ta za ta ce bayan gidanta ya canza launi tun makonnin baya, kunya ce ta hana ta faɗa.

Yadda ya kamata a bi da irin wannan gwiwa

Ga ciwon gwiwa ko na yatsun hannu irin na zaizayar guringuntsi, abin da likitoci ke fara bayarwa shi ne na shafawa, kamar man diklofenak. Ana shafa shi a kan gaɓar sau uku ko huɗu a rana, a kan fata lafiyayya marar rauni. Kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini, don haka ciki da ƙoda sun fi samun sauƙi. Gwiwa tana kusa da fata, shi ya sa yake yi mata aiki. Ƙugu yana da zurfi, man shafawa ba ya kai masa sosai. Ana iya haɗa na shafawa da farasitamol a ranakun da ciwo ya matsa.

Idan wannan bai isa ba, sai a koma ga ƙwaya, amma guda ɗaya tak daga cikin dangin, a mafi ƙarancin adadin da zai yi aiki, na 'yan kwanaki. Ibufurofen a ƙaramin adadi yana cikin waɗanda suka fi sauƙi ga ciki: miligiram 200 zuwa 400 a lokaci guda, ba fiye da sau uku a rana ba, wato kada a wuce 1200 sai da umarnin likita. Diklofenak iyakarsa miligiram 150 a rana, kuma akwai mai miligiram 100 da aka yi shi don ya narke a hankali, wanda sau ɗaya ake shansa a yini, ba a kuma fasa shi ko tauna shi. Wanda ya kai kwana goma yana sha da kansa ciwo bai bari ba, lokacin ganin likita ya yi. Ciwon gaɓoɓi yakan tashi ya kwanta, don haka a sha a lokacin da ya tashi, a ajiye idan ya lafa. Mayar da shi abin sha kullum kamar shayin safe shi ne ke kai mutane asibiti.

Akwai waɗanda bai kamata su sayi waɗannan magunguna da kansu ba sam. Wanda ya taɓa yin gyambon ciki ko aman jini shi ne a sahun gaba. Sai wanda ya haura shekara sittin da biyar, da mai ciwon ƙoda ko na hanta, da mai ciwon zuciya ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, domin dangin nan, musamman diklofenak, suna ƙara haɗarin toshewar jijiyoyin zuciya da na ƙwaƙwalwa. Haka wanda ke shan maganin tsinka jini irin su warfarin, da mai asma da ya taɓa lura numfashinsa na sarƙewa bayan shan asfirin. Mai juna biyu ta nisance su, musamman daga mako na 20 zuwa haihuwa, saboda suna iya taɓa ƙodar jariri da zuciyarsa.

Idan likita ya ga dole irin waɗannan mutane su sha, yakan haɗa da maganin da ke rage asid tun daga tushensa, kamar omefurazol mai miligiram 20, sau ɗaya da safe kafin karin kumallo, a tsawon duk kwanakin da ake shan maganin ciwon. Wannan yana rage haɗarin gyambo sosai, amma ba ya yi wa ƙoda ko zuciya komai. Yana iya kuma sa a gwada mutum ko yana ɗauke da ƙwayar cutar nan ta tumbi da ake kira Helikobakta, wadda likitocin Ostireliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka tabbatar tana jawo gyambon ciki. Ta yaɗu sosai a ƙasashen Afirka, kuma idan ta haɗu da waɗannan magunguna haɗarin ya fi na kowannensu shi kaɗai. Ana kashe ta da magani na kimanin mako biyu.

Mai azumi ya sha maganinsa bayan buɗa-baki, idan ya ci ya kuma sha ruwa ya ƙoshi. Shan diklofenak ko ibufurofen da sahur sannan a shiga yini mai zafi babu ruwa nauyi ne a kan ƙoda, balle ga tsoho ko mai ciwon sukari.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyi da ke mayar da guringuntsin da ya zaizaye. Abin da ke rage buƙatarsu a kan lokaci shi ne rage ƙiba ga mai jiki, da ƙarfafa naman cinya. Mutum ya zauna a kujera, ya miƙe ƙafa ɗaya sosai, ya riƙe ta a haka yana ƙirga goma, ya sauke a hankali, ya maimaita sau goma a kowace ƙafa, safe da yamma. Sai an yi makonni kafin a ga amfaninsa. Sanda ma tana taimakawa, kuma a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya ake riƙe ta.

Lokacin da za a tsaya

Akwai alamomin da idan aka gan su, ba a ƙara ko ƙwaya ɗaya, kuma ba a jira gari ya waye. Babbarsu ita ce bayan gida baƙi ƙirin, mai danƙo, mai wani irin wari da ya bambanta da na kullum. Jini ne da ya narke a hanyarsa ta fitowa. Maganin ƙarin jini ma yana baƙanta bayan gida, amma nasa ba ya danƙo haka, kuma idan ana kokwanto a bar asibiti ta raba gardama. Sai aman jini, ko ja ne ko mai baƙi-baƙin gudaji. Sai ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ciki ya ƙage mutum ba ya son ko a taɓa shi, wanda ke iya nuna tumbi ya huje. Sai jiri da bugun zuciya da sauri da gumi mai sanyi. Duk wanda ya shiga ɗaya daga cikin waɗannan, kada a ba shi abinci ko madara ko jiƙo, a wuce da shi asibitin da ke iya ƙarin jini, a kuma tafi da duk magungunan da yake sha, har da na leda. Haka nan ciwon ƙirji, ko karkacewar baki, ko kumburin leɓe da fuska tare da sarƙewar numfashi, ko ƙuraje masu saɓule fata da gyambo a baki.

Akwai kuma alamomin da ba su kai waɗannan gaggawa ba, amma suna nufin a ajiye maganin a ga likita cikin kwana ɗaya ko biyu: zafin ciki ko na ƙirji da ya ƙi tafiya, kumburin ƙafafu, raguwar fitsari, awon jini da ya tashi babu dalili, da gajiya tare da farin ido. Wanda gudawa ko amai ya kama shi ya dakatar da maganin har sai ya warke ya koma cin abinci da shan ruwa yadda ya saba.

Dangin ibufurofen da diklofenak ana iya daina su nan take, babu abin da zai faru sai dai ciwon ya dawo. Amma magani biyu ba a yanke su haka. Wanda ya shafe fiye da mako uku yana shan firednisolon ko deksametazon, ko da a cikin haɗi ne bai sani ba, jikinsa ya rage samar da nasa sinadarin, kuma yankewa lokaci guda na iya jefa shi cikin kasala mai tsanani da faɗuwar awon jini. Likita ne zai rage masa a hankali. Haka ƙaramin asfirin mai miligiram 75 da aka rubuta wa mutum don kare zuciya. Idan ba jini aka gani ba, kada ya daina sai ya yi magana da wanda ya rubuta masa, kuma kada ya ɗora wani ɗan dangin a kansa da ra'ayin kansa.

Ba kowane ciwon gaɓa ne ma ya dace a rufe shi da ƙwaya ba. Gaɓa ɗaya da ta kumbura ta yi zafi, ga zazzaɓi, mutum ba ya iya motsa ta, tana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga, kuma cikin 'yan kwanaki take lalata gaɓar idan ba a yi maganinta ba. Yatsun hannu biyu da suke kumbura su ƙage da safe har kusan awa guda kafin su saki suna nuna wani nau'in amosanin gaɓɓai da ke da nasa magani na musamman, wanda idan aka fara shi da wuri yake hana yatsu lanƙwashewa. Mai sikila kuma ƙodarsa tana da rauni tun asali, don haka tsarin maganin ciwonsa daga asibitinsa ya kamata ya fito.

Mafi sauƙin matakin da kowane gida zai iya ɗauka shi ne a daina karɓar ƙwayar da ba ta da suna. A sayi magani a cikin kwalinsa ko a katinsa, mai lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa, a tambayi mai kemis sunan ainihin maganin da ke ciki da adadin miligiram ɗinsa. Wanda ke da tsoho a gida ya tattara duk abin da yake sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ya kai wa likita ko ƙwararren mai harhaɗa magunguna ya duba ko akwai biyu 'yan gida ɗaya a ciki. Idan kuma an daɗe ana sha, a nemi a auna yawan jini da aikin ƙoda, gwaji biyu da ke nuna ɓarnar tun kafin mai ita ya ji a jikinsa.